Wasiƙar Ɗaliba ga Likita: Yadda Ake Bayanin Ciwon Kai Har a Gano Irinsa

Ciwon kai yana daga cikin cututtukan da likita ya fi gano su da kunne fiye da na'ura. Yawancin masu fama da shi ko an ɗebi jininsu ba a ganin komai, ko an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa sai ya fito lafiya lau. Abin da ke raba wannan ciwon kai da wancan shi ne labarin da mai shi ya bayar: yaushe ya fara, ina yake kamawa, awa nawa yake yi, me ke tayar da shi, kuma me aka sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin 100 na mutanen duniya suna da wani nau'i na ciwon kai mai dawowa, amma a asibitocinmu bayanin da likita ke samu sau da yawa bai wuce jimla ɗaya ba: "Likita, kaina ke ciwo." Layi ya yi tsawo, lokaci kaɗan ne, sai a rubuta maganin zazzaɓin cizon sauro da farasitamol, a kira na gaba.

Shi ya sa nake ganin ɗalibin da ya zauna ya rubuta bayanin ciwonsa a takarda kafin ya je asibiti ya taimaki kansa sosai. Mai karatu ya iya rubutu, ya iya ƙirga, kuma waɗannan biyun su ne kayan aikin da ake buƙata. Ga wata wasiƙa da na tsara a matsayin misali, da irin koken da aka saba ji daga ɗalibai mata na manyan makarantu, don mu bi ta tare mu ga abin da likita ke tsinta a ciki.

"Assalamu alaikum, Likita. Da fatan kana lafiya, ya aiki da jama'a? Ni ɗaliba ce a aji biyu na jami'a, shekarata 21. Ciwon kai ya fara min tun ina shekara 15. A lokacin sau ɗaya ko biyu yake zuwa a wata, galibi dab da al'adata. Ɓari ɗaya yake kamawa, ya fi yawa a dama, bayan ido, yana sarawa kamar bugun zuciya. Yakan fara da hantsi ya kai har washegari. Idan ya zo zuciyata na tashi, wani lokaci har amai, ba na son haske, ba na son hayaniya, hawa bene ma ƙara shi yake yi. Sai na kwanta a ɗaki mai duhu na samu barci yake sakina. Ba na ganin walƙiya ko wani abu a idona kafin ya fara. Mahaifiyata ma tana da irinsa.

"Wata biyar da suka wuce ya sauya. Yanzu kusan kullum nake tashi da nauyi a kai gaba ɗaya, ba mai sarawa ba, sannan mai tsananin yana shigowa a tsakani. A watan jiya na yi alama a kalanda: cikin kwana 30, kwana 22 na yi ciwon kai, 9 daga ciki masu tsanani ne, kuma kwana 6 ban iya zuwa lacca ba. Na lura ya fi tasowa idan na raba dare ina karatu, ko na fita ban karya ba, ko na daɗe a rana, ko an sa turaren wuta a ɗakinmu, sai kuma kwana biyu kafin al'ada.

"Magungunan da na sha: farasitamol mai haɗe da kafiyin, ƙwaya biyu a lokaci guda, kwana 18 a watan jiya, ibufirofin na miligiram 400, kwana 7, wasu ranakun tare da wancan. Idan na haɗa, kwana 20 na sha magani. Da farko yana kashe ciwon, yanzu awa uku ko huɗu sai ya dawo. Na sha maganin maleriya sau uku a zangon nan, sau ɗaya kawai aka yi gwaji kuma ba a ga komai ba. An auna jinina bai hau ba, na kuma yi tabarau amma babu sauyi. Ba na zazzaɓi, wuyana bai sanƙare ba, ban taɓa suma ko buge kai ba. Ba ni da ciki, ba na shan maganin tazarar haihuwa. Ina shan shayi mai kauri sau biyu a rana. Likita, don Allah mene ne wannan, kuma ko ina buƙatar hoton ƙwaƙwalwa? Na gode, Allah ya ƙara lafiya."

Karanta wannan ba ya cin minti biyu, amma likitan da ya san aikinsa ya riga ya yi nisa kafin ya ɗora hannu a kanta.

Sakin layi na farko ya kusan ba da sunan cutar da kansa. Ƙungiyar likitocin ciwon kai ta duniya tana da kundin da ta rarraba nau'o'in ciwon kai, wanda bugunsa na uku ya fito a 2018, kuma a cikinsa an shimfiɗa sharuɗɗan ciwon ɓarin kai, wanda likitoci ke kira maigiren. Ana so ciwon ya zo aƙalla sau 5, kowane zuwa ya ɗauki awa 4 zuwa 72 idan ba a yi magani ba. Ana so ya cika biyu daga cikin siffofi huɗu: kama ɓari ɗaya, sarawa, tsanani, da ƙaruwa idan mutum ya motsa jiki, kamar tafiya ko hawa bene. Sannan ya zo da tashin zuciya ko amai, ko kuma ƙin haske da ƙin ƙara. Duba abin da ɗalibar ta rubuta, babu wanda ta rasa. Ƙara da cewa ya fara mata lokacin balaga, yana bin al'ada, mahaifiyarta na da shi, duk sun dace, domin cutar tana bin dangi kuma ta fi yawa a mata fiye da maza da kusan ninki biyu zuwa uku.

Da ta ce ciwon yana ɗaure mata kai gaba ɗaya, daga goshi zuwa ƙeya, ba ya sarawa, ba ya hana ta zirga-zirga, ba amai, da likita ya karkata ga ciwon kai na gajiya da ɗaurewar jiki, wanda shi ne ya fi kowanne yawa a duniya, kuma yakan yi daga minti 30 har zuwa mako guda. Ka ga ke nan kalmar da mutum ya zaɓa tana da nauyi. "Yana sarawa" da "yana ɗaurewa" hanyoyi biyu ne daban. Wanda bai tabbata ba gara ya kwatanta yadda yake ji da bakinsa, ya nuna wurin da yatsa, a kan ya ari kalmar da ya ji a wurin wani.

Akwai jimla guda a wasiƙar da mai karatu zai iya wucewa bai kula ba, inda ta ce ba ta ganin walƙiya kafin ciwon ya fara. Wasu masu ciwon ɓarin kai, kusan ɗaya cikin uku ko huɗu, suna samun alamar gargaɗi: layuka masu ƙyalli a gani, ko wani yanki na gani ya ɓace, ko hannu da gefen baki su yi mazari, na tsawon minti 5 zuwa 60, sannan ciwon ya biyo baya. Ga mace wannan bayani ba ƙarami ba ne. Mai irin wannan alama ba a so ta sha ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin istirojin, domin haɗuwarsu tana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Matar da ta ɓoye wa likita cewa tana shan irin wannan ƙwaya saboda kunya ta ɓoye abin da ya fi kamata ya sani.

Yanzu mu zo inda wasiƙar ta fi daraja a wurina, wato ƙirgen kwanaki. Mutum ba ya iya riƙe ciwonsa a ka yadda yake zato. Tambayi mai ciwon kai sau nawa yake zuwa, zai ce "kullum" ko "wani lokaci", kuma da waɗannan ba a yanke hukunci. Ranakun da ciwon ya kayar da shi kaɗai yake tunawa, ya manta da ranakun da ya tashi da ɗan nauyi ya haɗiyi ƙwaya ya fita. Ɗalibarmu ta kawo lamba: kwana 22 na ciwo, kwana 20 na shan magani. Waɗannan lambobi biyu, idan aka ajiye su gefe da gefe, suna nuna cuta ta biyu da ta hau kan ta farko, wato ciwon kan da yawan shan maganin ciwon kai ke haifarwa.

Abin yana da wuyar yarda a karon farko, amma tabbatacce ne a wurin likitoci. Mutumin da dama yake da ciwon ɓarin kai ko na gajiya, idan ya riƙa shan maganin kashe zafi akai-akai na tsawon fiye da wata uku, ƙwaƙwalwarsa tana ƙara saurin jin zafi. Da zarar ƙarfin maganin ya sauka a jini sai ciwon ya dawo, sai ya ƙara sha, sai ciwon da yake zuwa sau biyu a wata ya koma na kusan kowace safiya. An sa iyaka a fili. Ga magunguna marasa haɗi, irin su farasitamol, asfirin, ibufirofin da diklofenak, iyakar ita ce kwana 15 a wata. Ga waɗanda aka haɗa da kafiyin ko kodin, da tiramadol da danginsa, da magungunan musamman na ciwon ɓarin kai irin su sumatiriftan, iyakar ta fi kusa, kwana 10 ne kacal. Kuma kwanaki ake ƙirgawa, ba ƙwayoyi ba. Wanda ya sha ƙwaya shida a rana ɗaya a mako bai shiga wannan tarko kamar wanda ke shan ƙwaya biyu kowace safiya ba.

Ɗalibar ta sha mai haɗe da kafiyin kwana 18, ke nan ta wuce iyakar kwana 10 da nisa. Sauran alamun ma sun hallara: tashi da ciwo da safe bayan maganin jiya ya fita a jiki, sauyawar ciwon daga sarawar ɓari zuwa nauyin kai duka, da raguwar aikin maganin zuwa awa uku ko huɗu. Da ba ta rubuta sunan maganin da yawan kwanakin ba, da abu mafi sauƙi shi ne likita ya rubuta mata wani maganin kashe zafi da ya fi ƙarfi, wanda zai ƙara zurfafa ramin da take ciki. Wannan ne ke damuna a kan yadda muke sayen magani a kemis da hannun masu talla a tasha da bakin makaranta, inda ake yanko ƙwaya biyu-biyu daga sacet, mutum ya sha bai ma ga kwalin ba. Sai a tambaye shi me ya sha, ya ce "wata fara ce doguwa". Likita ba zai iya aiki da wannan ba. A ajiye kwali ko sacet ɗin, ko a ɗauki hotonsa a waya. Akwai kuma wani haɗarin daban: magungunan mura da na ciwon jiki da yawa suna ɗauke da farasitamol a ciki, kuma babban mutum bai kamata ya wuce giram 4 a cikin awa 24 ba, wato ƙwaya 8 ta miligiram 500, domin wuce haka yana lalata hanta. Ibufirofin da diklofenak kuwa suna cin ciki su tayar da olsa, kuma suna wahalar da ƙoda, musamman ga wanda ya sha su ba abinci ba ruwa.

A kan abubuwan da ke tayar da ciwo, nan ne mutane suka fi yin kuskure, kuma ɗalibar ta yi kyau da ta ce "na lura" ba ta ce "na tabbata" ba. Rashin barci, tsallake abinci, ƙishirwa, zafin rana, ƙamshi mai ƙarfi, damuwar jarrabawa da saukowar sinadarin jikin mace kafin al'ada duk sanannun masu tayar da ciwon ɓarin kai ne. Amma ba kasafai ɗaya ke aiki shi kaɗai ba. Kamar tulu ne da ake ta zuba wa ruwa, ba kofin ƙarshe kaɗai ya sa shi ya cika ya zube ba. Turaren wutan da bai yi mata komai ba ranar da ta yi barci ta karya, shi zai kayar da ita ranar da ta raba dare kuma al'ada ta kusa. Haka nan ciwon yana da share fage na awoyi kafin zafin ya fara, inda mutum ke yawan hamma, wuyansa ya yi nauyi, ko ya ji yana kwaɗayin kayan zaƙi. Sai ya ci, ciwon ya zo, ya ɗora wa abincin laifi, alhali ciwon ne ya riga ya fara har ya jawo kwaɗayin. Saboda haka ban goyi bayan ɗalibi ya haramta wa kansa jerin abinci goma a kan zato ba. A bar kalanda ta nuna abin da ke maimaituwa.

Shayin da ta ambata ma ba ƙarin zance ba ne. Wanda jikinsa ya saba da kafiyin, ko na shayi ko na kofi ko na goro ko na lemon ƙara kuzari da ɗalibai ke sha don karatun dare, idan ya rasa shi yakan fara ciwon kai bayan awa 12 zuwa 24. Wannan yana cikin dalilan ciwon kan da mutane da yawa ke yi a kwanakin farko na azumi, tare da yunwa da ƙishirwa da sauyin barci.

Mutum zai iya cewa jerin abubuwan da ɗalibar ta ce ba ta da su ɓata tawada ne. A'a, su ne suka ba likita damar kwantar mata da hankali. Akwai ciwon kan da ba a rubuta wa wasiƙa, asibiti ake tafiya a take. Na farko shi ne wanda ya faɗo kwatsam ya kai maƙurar tsanani cikin minti ɗaya, domin yana iya zama zubar jini a cikin kai. Na biyu shi ne mai zuwa da zazzaɓi da sanƙarewar wuya ko ruɗewa. Mu da muke zaune a yankin da sanƙarau ke ɓarkewa a lokacin rani da zafi mun san wannan ba wasa ba ne, kamar yadda aka gani a Zamfara da Sakkwato a 2017, kuma ɗakin kwanan ɗalibai mai cunkoso yana cikin wuraren da cutar ta fi saurin yaɗuwa. Haka nan ciwon kan da ya zo da farfaɗiya, ko raunin hannu ko ƙafa, ko karkacewar baki, ko gani bibbiyu. Wanda ya biyo bayan faɗuwa daga babur ko bugun kai. Wanda ke ƙaruwa mako bayan mako, ya fi tsanani idan an kwanta ko an yi tari. Da sabon ciwon kai ga mai ciki ko mai jego. Idan kuma 'yan ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai da jiri tare, a fara duba janareta ko kaskon gawayi, a fita waje nan take, domin iskar da suke fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa.

To me likita zai ce wa ɗalibarmu? Da farko ba zai yi mata magani ta takarda ba. Zai auna jininta da kansa, ya leƙa bayan idonta da fitila don ganin ko akwai alamar matsi a cikin kai, ya gwada ƙarfin gaɓoɓinta da tafiyarta. Leƙen idon nan yana da muhimmanci ga budurwar da ciwon kanta ya koma na kullum. Idan duk wannan ya fito daidai, da irin labarin da ta bayar, galibi babu buƙatar hoton ƙwaƙwalwa, kuma kuɗin da za a kashe a kansa ba zai sauya maganin ba. Zai gaya mata ta daina shan maganin maleriya ba tare da gwaji ba, tunda ciwon kai shi kaɗai ba zazzaɓi ba hujja ba ne.

Sai kuma magana mai ɗaci: ta ajiye magungunan kashe zafin nan na aƙalla wata guda. Dole ya faɗa mata gaskiya cewa ciwon zai ƙaru tukuna, na kwanaki zuwa mako ɗaya ko biyu, da tashin zuciya da rashin barci, kafin sauƙi ya fara bayyana a makonnin da ke biye. Wanda ba a gargaɗe shi da wannan ba yakan koma wa ƙwaya a rana ta uku yana cewa shawarar likita ba ta yi ba. Don haka hikima ce a zaɓi lokacin hutu, ba makon jarrabawa ba. Wanda kuwa tiramadol ko kodin yake sha kada ya yanke shi dare ɗaya da kansa, sai a rage masa a hankali ƙarƙashin kulawar likita. Ga mai ciwo mai yawa irin nata, likita zai iya ɗora ta a kan maganin rigakafi da ake sha kullum, kamar amitiriftilin da dare ko furofaranolol. Waɗannan ba kashe zafi suke yi a take ba, rage yawan zuwan ciwon suke yi, kuma sai an ba su wata biyu zuwa uku kafin a ce sun yi ko ba su yi ba. Nasarar da ake nema a wannan mataki ita ce ranakun ciwo su ragu da rabi. Ba a sayen su a kemis bisa shawarar ƙawa, domin furofaranolol, alal misali, haɗari ne ga mai asma. Bayan an fita daga tarkon, sai a koma shan maganin kashe zafi da wuri idan mai tsananin ya taso, amma kada ya wuce kwana biyu a mako.

Ta yaya za a san ko abin yana aiki? Da kalandar nan dai. Idan kwana 22 sun koma 9 bayan wata uku, ba a buƙatar gardama. Idan ba su motsa ba, likita ya san lokaci ya yi da zai sake tunani ko ya tura ta wurin ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi.

Ga ɗalibi ko ɗalibar da ciwon kai ke yawan damu, ku samu bayan littafi ku ja layi na kwana 30. Kowane dare ku rubuta ko an yi ciwo, ƙarfe nawa ya fara, ƙarfe nawa ya saki, tsananinsa daga 1 zuwa 10, sunan maganin da aka sha, awa nawa aka yi barci, mata kuma su sa alamar ranakun al'ada. A ƙarshen wata ku taƙaita shi a shafi ɗaya, ku haɗa da kwalayen magungunan, ku miƙa wa likita da zarar kun zauna a gabansa.